Wa'adin aiko da gyara kafin babban taro: daga baya ake ƙirga shi

 

An ce in yi magana kan yadda ake tura wa mambobi takarda su karanta, su aiko da gyara kafin a zauna taro, da kuma yadda ake sa ranar rufewa wadda ba ta motsi. Zan ɗauki takarda guda in tsaya a kanta, wato daftarin kundin tsarin ƙungiya, abin da muke ce wa sitati. Ita na zaɓa don ita ce ta fi raba kan ƙungiyoyin matasa. Tun dokar ranar 1 ga Maris 1984 da ta shimfiɗa tsarin ƙungiyoyi a Nijar, wannan kundin yana cikin takardun da ake kai wa hukuma. Ranar da rigima ta tashi kan kuɗi ko kan kujera, ba wanda zai tambaye ku me kuka yi nufi. Kundin za a buɗe, abin da ke rubuce shi ne zai yi aiki.

Kun san yadda aka saba. Sakatare ya jefa takarda cikin gurup ranar Alhamis da dare, ya rubuta a ƙasa: "Ku duba ku ba da shawara kafin taro." Ranar Asabar an hallara, mutum uku ne suka buɗe ta. Sai shugaba ya ce to a karanto. A karanta aya ta 1, a yi gardama kan sunan ƙungiya minti arba'in. Kafin a kai aya ta 10 an kira Azahar, mata sun fara tashi saboda gida, masu kabu-kabu sun koma neman abinci. Ayoyin kuɗi kuwa kullum can ƙarshe suke, sai a wuce su da "an amince? an amince", a gaban mutum goma sha biyu da suka rage. Ba wanda ya yi maguɗi, amma sakamakon bai da bambanci da na maguɗi.

To bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiya ce mai mambobi 60, cibiyarta Maraɗi, tana da reshe a Damagaram da Tawa, da wasu ƴan ƙalilan da ke karatu a Yamai ko neman kuɗi a Abijan. Daftarin shafi 12 ne, aya 34. Babban taro ranar Asabar 28 ga wata. Tambayar ita ce, yaushe za a rufe karɓar gyara?

Galibi abin da ake yi, a dubi kalanda a ce "Juma'a mana, kwana ɗaya kafin taro". Wannan ba wa'adi ba ne, fata ne kawai. Wa'adi daga baya ake ƙirgo shi, daga ranar taro a dawo, a ga aikin da ke jira bayan an rufe. Mu yi lissafin tare. Cikin mutum 60, a ce 25 sun amsa, kowa da gyara huɗu. Gyara 100 kenan. Kowane ɗaya sai an karanta shi ko an saurare shi, an gano ayar da yake nufi, an rubuta shi cikin jadawali, an duba ko wani ya riga ya faɗi irinsa. In ka ba kowane minti biyar, minti 500 ne, awa takwas da ɗoriya. Sakataren nan kuma ba albashi ake biyansa ba, yana da shagonsa ko lakol ɗinsa, sai da dare yake zama, daren ma in kuran bai tafi ba. In mutum biyu suka raba aikin, kowa awa biyu a dare, dare biyu za su ci: Litinin 23 da Talata 24. Laraba 25 kwamitin gyara ya zauna ya tantance. Alhamis 26 da safe a mayar wa mambobi jadawalin, su samu Alhamis da Juma'a su ga abin da sauran suka ce kafin su shigo zaure. Kun ga ranar rufewa ta fito da kanta: Lahadi 22. Ba son ran sakatare ba ne, kuma duk wanda ya ce a ƙara masa kwana biyu, ana iya nuna masa kwanan wa zai cinye.

Daga nan sai a sake ja da baya don ranar turawa. Shafi 12 na Faransancin doka ba labarin dare ba ne. Ni ina ganin kada ya gaza mako biyu, kuma a tabbata akwai Asabar da Lahadi biyu a ciki, saboda ma'aikaci da ɗalibi nan ne suke samun sarari. Ranar Asabar 7 ga wata kenan takarda ta fita. Kwana 15 ɗin nan ba baƙon abu ba ne. A dokar kamfanoni ta OHADA, wadda Nijar ke cikin ƙasashe 17 da ke aiki da ita, ana kiran babban taron masu hannun jari aƙalla kwana 15 kafin ranar, kuma cikin kwanakin nan suna da haƙƙin duba takardun. Wannan doka ba ta hau kan ƙungiya irin tamu ba, amma awon ya dace. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ƙa'idarta mako shida ne takardu su fita kafin a zauna kansu. Mu ba mu kai can ba. Abin da za ku fara dubawa shi ne kundinku na yanzu: in ya riga ya faɗi kwana nawa ake ba da sanarwa kafin babban taro, wannan adadin shi ne mafi ƙaranci, ba a sauka ƙasa da shi.

Yanzu yadda ake faɗin wa'adin. A nan Hausarmu tana da wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. In ka rubuta "za a rufe daren Lahadi", wane dare kake nufi? Ga wanda ya tashi da lissafin lakol, daren da ke biyo bayan yinin Lahadi ne. Ga wanda ke bin lissafin da muka gada, rana daga faɗuwar rana take farawa, shi ya sa daren Juma'a yake nufin Alhamis da dare. A wurinsa daren Lahadi Asabar ce da dare. Mutum biyu, duka da gaskiyarsu, kwana guda tsakaninsu. "Ƙarfe 12 na dare" ya fi muni, don shi ma kansa yana kan iyakar kwana biyu. Haka "kafin ƙarshen mako", haka "zuwa Lahadi in Allah ya kai mu". Ku faɗi rana, ku faɗi kwanan wata, ku faɗi ƙarfe, kuma ku zaɓi ƙarfen da rana ba ta faɗi ba: Lahadi 22 ga wata, ƙarfe 6 na yamma. In kuna da mutane a waje ku ƙara "agogon Nijar". Na Kano da na Kwatano agogonmu ɗaya da su, amma na Abijan da Akara da Lome suna bayanmu da awa guda, ƙarfe 6 ɗinmu ƙarfe 5 ne a wurinsu.

Akwai kuma wata fa'idar rufewa da rana: sakatare yana farke. Ƙarfe 6 da minti biyar ya rubuta cikin gurup, "An rufe. Mun karɓi gyara daga mutum 25, ga sunayensu. Wanda ya aiko bai ga sunansa ba ya kira ni kafin Isha'i da shaidar lokacin da ya tura." Wannan ɗan saƙon shi ne ke maida wa'adi abin gaske. In an rufe da tsakar dare kowa na barci, gari na wayewa za ka tarar da saƙo bakwai, kowa na cewa rezo ne ya riƙe nasa.

Ga irin saƙon da nake so in ga ya raka takardar:

"Ƴan uwa, ga daftarin sabon kundinmu, shafi 12, aya 34. Babban taro zai yi ƙuri'a a kansa ranar Asabar 28 ga wata. Abin da ya sauya daga tsohon kundi yana aya ta 9, ta 14 da ta 21, an ja musu layi. Ku aiko da gyara ga sakatare kai tsaye, ba cikin gurup ba, kafin Lahadi 22 ga wata ƙarfe 6 na yamma agogon Nijar. Kowane gyara ya zo da lambar aya, da abin da kuke so a rubuta a madadinsa, da dalili. Ana karɓar rubutu da murya, da Hausa ko Faransanci. Abin da ya zo bayan wannan lokaci ba zai shiga jadawalin da za a yi muhawara a kansa ba. Ranar Alhamis 26 kowa zai samu jadawalin."

Ku lura an nuna wa mai karatu inda naman yake. Wasu na ganin in ka ce "ku dubi aya ta 9, ta 14 da ta 21" kamar kana jan mutane ne. Ni ina ganin akasin haka. Wanda ke son ɓoye abu shi ne ke tura shafi 12 ba tare da ya faɗi abin da ya sauya ba, don ya san gajiya za ta kama mutane a shafi na huɗu. Sharaɗi dai a faɗi duk wuraren da aka taɓa, ba waɗanda biro yake so a gani kawai ba.

Ita takardar a tura ta PDF, ba hotunan shafuka ba. Hoto goma sha biyu sukan iso a hargitse, rubutun ya dushe, na bakwai ya ƙi sauka. Kada kuma a tura wadda kowa zai iya taɓawa, don bayan mako guda za ku tarar da kundi biyar suna yawo. A sa wa kowace aya lamba, kowane shafi lamba, fayil ɗin ma a ba shi suna mai lamba, kamar `kundi_daftari_2.pdf`, a rubuta lambar da kwanan wata a kan shafin farko. A duba kuma ko gurup ɗin yana kan tsarin saƙon da ke gogewa da kansa. In an sa shi kan kwana bakwai, saƙon da aka tura ranar 7 zai ɓace ranar 14, daidai lokacin da yawancin mutane za su fara nemansa.

Kuma daga ranar da takarda ta fita, ta daskare. Wannan nauyi ne a kan biro, kuma a nan ne biro suka fi karya nasu wa'adin. Ranar 16 shugaba ya tuna wani abu, a gyara aya ta 21 a sake turawa, a ce "ga na ƙarshe". Yanzu rabin mambobi suna gyara kan daftari na 2, rabi kan na 3, in an ƙara aya guda a tsakiya ma lambobi duka sun goce, mai cewa aya ta 22 da mai cewa ta 23 abu ɗaya suke nufi. In shugaba yana da gyara, ya aika wa sakatare kamar kowa, ya shiga jadawali da sunansa.

Maganar murya ba ƙaramar magana ba ce. Kundin da Faransanci yake, don shi ake kai wa hukuma, amma cikin mutum 60 ɗin nan akwai waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake riƙon kuɗin jama'a, sun yi shekaru suna riƙe adashi, ba su kuma karanta Faransanci. In wa'adinku na masu rubutu ne kawai, kun rufe musu ƙofa tun ranar 7, ba ranar 22 ba. Don haka a tsakiyar wa'adin, a ce Lahadi 15, kowane reshe ya yi zaman karatu. A fada ne, a gidan wata ne, a ɗora shayi, mutum ɗaya ya karanta aya ya fassara, wani ya riƙe kaye da bik yana rubuta gyaran kowa da sunansa. Mai aiko da murya kuma a roƙe shi ya fara da lambar aya, kada ya wuce minti biyu, gyara ɗaya murya ɗaya. Sakatare ya rubuta abin da ya ji cikin layi biyu ya mayar masa: "Haka kike nufi, Hajiya?" In ta ce e, ya shiga. Wannan zaman na ranar 15 shi ne tunatarwa ta farko. Ta biyu ranar Juma'a 20, a faɗi mutum nawa suka amsa zuwa yanzu. Biyu sun isa. In kana tunatarwa kullum, mutane sukan daina gani.

Me ya sa na ce kai tsaye ga sakatare, ba cikin gurup ba? Na farko, gyara yakan nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna. Na biyu kuma shi ya fi damuna: in wani babba ya riga ya rubuta "ni dai aya ta 9 ta yi mini daidai", ƙaramin da ya ga matsala a ciki zai haɗiye tasa. In kowa ya aika nasa shi kaɗai, sai ranar Alhamis a gano ashe mutum bakwai ne suka ga abu ɗaya, ba wanda ya san da ɗan uwansa.

Mu koma ga gyara ɗari ɗin nan. Ranar Laraba kwamiti zai tarar sun kasu da kansu. Mafi yawa gyaran rubutu ne, harafi ya faɗi, an maimaita kalma, an ce "duba aya ta 12" alhali ta 13 ake nufi. Waɗannan a gyara, a jera su, taro ya amince da su a dunƙule cikin minti biyar. Akwai waɗanda suka ƙara haske ba tare da sun sauya ma'ana ba, su ma ba su cin lokaci. Sai ragowar, waɗanda su ne dalilin taron. Aya ta 14 ta ce zubin wata jika ɗaya. Mutum tara sun ce dala ɗari, biyu sun ce jika ɗaya ga mai aiki, dala ɗari ga ɗalibi. Ka ga zaɓi uku ne, a rubuta su gefe da gefe, a kuma sa ma'aji ya lissafa abin da kowane zai kawo. In duka 60 sun biya, jika ɗaya tana kawo sefa 60.000 a wata, dala ɗari tana kawo 30.000, haya da fotokofi kuwa ba su san an rage ba. Aya ta 9 ta ce shugaba shekara biyu, ana iya sabuntawa, ba ta ce sau nawa ba. Mutum bakwai sun ce sau ɗaya. Aya ta 21 ta ba ma'aji damar fitar da kuɗi da sa hannunsa shi kaɗai. Mutum ɗaya tak ya ce a sa hannu biyu. Mutum ɗayan nan layinsa daidai yake da na mutum tara cikin jadawali, don kwamiti ba ƙuri'a yake ƙirgawa ba. Ba shi da ikon jefar da gyara don bai so shi ba. Iyakarsa ya rubuta a gefe "kwamiti bai goyi baya ba, ga dalili", taro ya yanke.

Da haka taron da zai ci yini yana karatu ya koma awa biyu kan aya uku, kuma mata da masu kabu-kabu suna nan lokacin da aka zo maganar kuɗi, don ita aka sa a gaba.

Sai wanda ya makara. Za a samu, kuma sau da yawa ba ƙaramin mamba ba ne. Wanda ya kafa ƙungiyar ne, ko wanda ke biyan kuɗin zaure, ya kira ranar Talata ya ce "ƙanena, ga ɗan gyara nan ka saka". In sakatare ya saka, wa'adin ya mutu, ba na wannan karon kawai ba, har na gaba, domin kowa zai ji, kuma wadda ta hana kanta barci ranar Asabar don ta cika lokaci ta koyi darasi. In kuma ya ce "ba na karɓa", ya jawo wa kansa fitinar da ta fi ƙarfinsa. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a karɓa da ladabi, a rubuta ranar da lokacin da ya iso, a sa shi a wata takarda daban mai taken "waɗanda suka iso bayan wa'adi". "Yaya, na karɓa, na rubuta. Jadawali ya riga ya rufe, amma zan miƙa wa taro." Ranar Asabar, bayan an gama da jadawali, shugaban zama ya ce akwai gyara kaza da suka makara, taro na son ya saurare su? A ɗaga hannu. Nauyin ya tashi daga wuyan yaro ɗaya ya koma kan jama'a.

Wannan ya kawo mu ga iyakar wa'adin kansa. Babban taro shi ne mai ƙungiya, wa'adin da biro ya sa tsarin aiki ne kawai. Bai isa ya ƙwace wa mamba haƙƙin magana ko na ƙuri'a da kundi ya ba shi ba. Saboda haka kada ku taɓa rubuta "wanda bai aiko da gyara ba ya amince". Mutum 35 ɗin da suka yi shiru ba su amince da komai ba tukuna, ranar Asabar za su faɗi nasu da hannunsu. Abin da suka rasa shi ne damar sa sabon zaɓi cikin jadawali, shi ke nan.

Ana ɗaga wa'adi? Ana yi, amma da dalilin da ya shafi jama'a: rezo ya yanke a gari guda kwana biyu, an yi rasuwa da ta tashi reshe ɗungurungum, ko an gano shafi ya ɓace cikin abin da aka tura. In haka ta faru a ɗaga wa kowa, sau ɗaya, a sanar a fili kafin tsohon wa'adin ya cika. Kuma a sake lissafin nan na baya. In an ƙara kwana uku, jadawali ba zai fita Alhamis ba, to taron ma sai ya matsa. Ba a ɗaga ɗaya a bar ɗaya.

Kafin kwamiti ya tashi ranar Laraba, ya dubi jadawalin da wani ido, don shi ne zai gaya muku ko an karanta da gaske. Alamar shuɗi ta Watsaf ba ta faɗin wannan, tana nuna an ga saƙo ne, ba an karanta shafi 12 ba. In gyaran duka ya taru kan aya ta 1 zuwa ta 8, bayan nan tsit, mutane sun gaji a hanya, kuma ayoyin baya ba a duba su ba, ko da kuwa ba wanda ya yi ƙorafi a kansu. In duka gyaran harafi ne, an duba fata ba a taɓa nama ba, wataƙila saƙon bai nuna abin da ya sauya ba. In reshen Tawa gaba ɗaya ba ko mutum ɗaya, ko kuma cikin 25 ɗin babu mace, kada ku ce ba su damu ba. Ku kira ku ji: takardar ta sauka a wayoyinsu? An yi zaman ranar 15? Amma in kun ga rabin gyaran ya kwararo cikin awa uku na ƙarshe, wannan kada ya dame ku, haka mutane suke ko'ina. Sai dai sakatare ya tabbata wayarsa na da caji da mega ranar Lahadi da yamma, kuma kowane saƙo ya amsa shi da "na karɓa, gyara uku, aya ta 9, ta 14, ta 30", don mai shi ya samu shaida a hannunsa.

Nan zan tsaya. Waɗanda suka zo da kundin ƙungiyarsu su buɗe ayar da ta yi maganar kiran babban taro, mu ga kwana nawa ta ce, sai mu ɗauki tambayoyi daga nan.